Ramin dasashi milimita 4 ne kawai, me ya sa aka ce mataki na 3?

Ɗalibar kula da haƙori: Salamu alaikum, yayyena. Jiya na auna wani magidanci ɗan shekara 42. Rami mafi zurfi da na samu tsakanin dasashinsa da haƙori milimita 4 ne, sai na rubuta cewa ciwon dasashinsa mataki na 1 ne. Likitan da ke duba aikinmu ya kalli hoton ƙashi, ya sake sa tsinken awo, ya soke nawa ya rubuta mataki na 3, rukunin C. Marasa lafiya sun yi yawa, ban samu damar tambayarsa ba. Don Allah ina na kauce?

Wani ɗalibi ɗan ajin ƙarshe: Wa alaikumus salam. Ni dai a ganina kin yi daidai. A tsarin rarraba ciwon dasashi na 2017 milimita 4 mataki na 1 ne, 5 mataki na 2, daga 6 zuwa sama mataki na 3. Wataƙila bai ga takardarki da kyau ba.

Likitan dasashi: Ɗana, lambobin da ka kawo suna cikin jadawalin, amma ba daga layinsu ake farawa ba. Suna nuna wahalar da magani zai yi ne. Ƙanwata, kafin in ce komai: a wurin da kika samu 4 ɗin, bakin dasashi yana kan wuyan haƙori, ko ya ja baya har ana ganin saiwa?

Ɗalibar kula da haƙori: Ya ja baya, Dakta. Tsakanin turamen ƙasa na dama ne, saiwar ta fito rawaya-rawaya, kamar milimita 2. Na gani, amma ban rubuta ba.

Likitan dasashi: To ga inda gizo ke saƙa. Zurfin rami daga bakin dasashi ake auna shi, shi kuwa bakin dasashi ba ya zama wuri ɗaya: in ya kumbura ya hau, in ya lalace ya sauka. Abin da ba ya motsi shi ne wuyan haƙori, inda farin ɓawo ya ƙare saiwa ta fara. A lafiyayyen baki daga nan nama yake kama haƙori. Saboda haka abin da muke nema shi ne nisan da ke tsakanin wuyan haƙori da ƙasan ramin, wato yawan riƙon da haƙorin ya rasa, wanda kike gani an rubuta CAL a takardar awo.

Mutuminki raminsa 4, dasashi ya ja baya da 2. Haɗa su, ya rasa riƙo na milimita 6. Rashin riƙo na 1 zuwa 2 mataki na 1 ne, 3 zuwa 4 mataki na 2, daga 5 zuwa sama an shiga mataki na 3. Ramin ya yi kamar ba zurfi ne don bakinsa ya zaizaye, kamar rijiyar da bakinta ya rufta: igiyar da za ki zura ta ragu, amma ƙasan yana nan inda ya kai.

Akan kuma samu akasin haka. Mai shan amlodifin na hawan jini ko fenitoyin na farfaɗiya, dasashinsa kan yi kauri ya hau kan haƙori. Sai ki samu rami na 6, ki tsorata, alhali naman ya rufe wuyan haƙori da milimita 4 ko 5. A nan ragewa ake yi, ba haɗawa ba. Ki laluba da kan tsinken a hankali har ki ji ɗan tudun wuyan haƙorin a ƙarƙashin naman.

Wata ma'aikaciyar jinya: Ikon Allah. To ni ma saiwar fiƙata ta hagu ta fito, in na sha ruwan sanyi har kaina nake jin tsamin. Ke nan ni ma na kai mataki na 3? Aswaki nake yi sau da yawa a rana, ban taɓa ganin jini ba.

Likitan dasashi: Ba lalle ba, Hajiya. Gurzar aswaki ko buroshi mai tauri da ƙarfi kan ture dasashi ta gefen kumatu, ya bar naman tsakanin haƙora a cike. Irin wannan ba a lissafa shi cikin wannan ciwo. Shi ya sa ake ɗaukar awon tsakanin haƙora wajen sa mataki, kuma sai an samu rashin riƙon a haƙora biyu aƙalla waɗanda ba maƙwabta ba. Ki sassauta hannu, ki je a auna miki wuri shida a kowane haƙori.

Ɗalibar kula da haƙori: Na gane maganar mataki. To C ɗin fa? Ba mu da tsohon hotonsa. A na jiya saiwar ta kai milimita 14, daga wuyan haƙori zuwa saman ƙashi kuma 7.

Likitan dasashi: Mataki yana faɗin ɓarnar da aka riga aka yi, rukuni kuma saurin da take yi. Da akwai awo ko hoton shekara 5 baya, da shi za mu bi: ba a rasa komai ba A, ƙasa da milimita 2 B, 2 ko fiye C. Tunda babu, sai a ɗauki haƙorin da ya fi lalacewa. 7 cikin 14 rabi ne, kashi 50 cikin ɗari. Raba 50 da shekarunsa 42, kin samu kusan 1.2. Ƙasa da 0.25 A ne, daga 0.25 zuwa 1.0 B, abin da ya haura 1.0 C. Da ɗan shekara 70 ne da wannan hoton, 0.7 za ki samu, B ke nan, don ciwon ya daɗe yana ci a hankali. Wannan bawan Allah kuwa rabin ƙashin ya tafi tun bai kai hamsin ba.

Wani likitan haƙori: Yallaɓai, a nan ina da ja. Ko a lafiyayyen baki ƙashi ba ya kaiwa wuyan haƙori, yakan tsaya milimita 1 zuwa 2 a ƙasa. In na cire 2 daga 7 saura 5, wato kashi 36 cikin ɗari na 14. Raba da 42, 0.85 ne, B. Ga shi kuma in aka karkata fim wajen ɗaukar hoto, saiwa kan yi tsawo ko ta gajarce. Ni ba na son ɗora C a kan milimita ɗaya ko biyu.

Likitan dasashi: Maganarka tana kan hanya, kuma na san ƙwararrun da ke cirewa kamar yadda kake yi. Ni ba na cirewa, don gara in sa ido sosai a kan mutum da in sake shi ya tafi shekara guda. Amma in lissafi ya tsaya a bakin iyaka haka, sai a koma ga mutumin kansa. Ƙanwata, yana shan taba? Yana da ciwon suga? Kara 10 ko fiye a rana yana kai shi C, haka ma mai suga da HbA1c ɗinsa, wato gwajin matsakaicin suga na watannin baya, ya kai 7.0 ko ya wuce, ko da hoton ya ce B.

Sannan ki tambaye shi haƙoran da ya rasa, ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya yi girgiɗi ya faɗi ko aka cire saboda girgiɗi shi ake ƙirgawa, ban da wanda ya yi kogo ya ruɓe. Har zuwa 4 yana mataki na 3, daga 5 ya shiga na 4. Ki ƙirga kuma haƙoran da ciwon ya kai wannan matakin: in ba su kai kashi 30 cikin ɗari na haƙoransa ba, ki rubuta cewa a wuri kaɗan ne.

Ɗalibar kula da haƙori: Ba ya shan taba, goro dai yake ci. Haƙori biyu ya rasa, ya ce ɗaya da kansa ya zare shi da yatsa. Suga kuwa ya ce mahaifiyarsa na da shi, amma shi bai taɓa gwadawa ba. Zai dawo ranar Talata wankin haƙori, zan roƙi likitanmu ya rubuta masa gwajin. Allah ya saka da alheri, Dakta.

Wani likitan haƙori: In sakamakon ya fito ki sanar da mu. In sugansa lafiya lau, ni ina nan a kan B ɗina.