Littafi ɗaya, riba iri biyu: wacce zan raba da yayana?

Ɗan Singa: Salamu alaikum. Ina sayar da sukari da jarin yayana, riba mu raba biyu. Na sari buhu 100 a kan N60,000, kafin ya ƙare na ƙaro 100 a kan N70,000. Na sayar da 120 a kan N75,000, ciniki miliyan 9. Manhajar shago tana kan FIFO, wato lissafin kayan da ya fara shiga shi ke fara fita, ta ce riba N1,600,000. Yaron da ke riƙe mana littafi ya ce N1,200,000. Ranar Juma'a za mu zauna. Ina dubu 400 ta shiga, kuma wacce zan kai wa Yaya?

Baban Ummi: Alhaji, duba yaron nan da kyau. Dubu 400 ba ta ɓacewa haka kawai.

Hajiya Akanta: Baban Ummi, kada ka sa a zargi yaro a banza, ko sisi bai ɓata ba. Manhajar ta ɗauka tsohon kaya ya fara fita: buhu 100 na 60,000 da 20 na 70,000, kuɗin saye N7,400,000. Yaron kuwa ya haɗa miliyan 13 da aka kashe ya raba wa buhu 200, kowanne ya tashi 65,000, sau 120 ya zama N7,800,000. Ga tazarar nan. Yanzu leƙa sito. Buhu 80 da suka rage, a lissafin manhaja N5,600,000 ne, a na yaron N5,200,000. Dubu 400 ɗinka tana kwance cikin buhunan. Ranar da ka sayar da na ƙarshe, jimillar ribar za ta zo ɗaya ta kowace hanya.

Mai Man Gyaɗa: Hajiya, a takarda ɗaya ne, amma ni ribar nan mai kumburi ce ta karya ni. Bayan cire tallafin mai a 2023, duk sarin da na je sai na tarar an ƙara. Ina lissafi da tsohon farashi, ina ganin riba, mu raba da abokin haɗin gwiwata mu ci. Jarka 300 na fara da ita. Na koma sari kuɗin ya sayo 260, daga nan 210, littafi kuwa kullum cewa yake ana ci gaba. Da muka rabu ya karɓi jarinsa cif, har yana gaya wa mutane ni na cinye kayan. Shekara ashirin muna tare, yau ko gaisawa ba ma yi. Alhaji, kafin ka raba komai, tambayi nawa za ka mayar da buhu 120 ɗin nan. Ko a 70,000 miliyan 8 da dubu 400 ne. Abin da za ku iya ci ba ku taɓa kaya ba N600,000 ne kawai.

Sani Kwanar Dawaki: Wa ma ya ba ka sukari a 70,000? Ni 78,000 na saro.

Ɗan Singa: Sarin watan jiya ne, Malam Sani.

Baban Ummi: Ni dai tsohon kaya nake fara fitarwa don kada ya dunƙule, ka ga dole FIFO ce daidai.

Hajiya Akanta: Fitar da tsohon buhu dabarar sito ce, ba ta tilasta maka hanyar lissafi. Ƙa'idar akanta ta duniya kan lissafin kaya, IAS 2, ta yarda da duka biyun, FIFO da matsakaicin farashi irin na yaron, sai dai ka riƙe ɗaya, ba ka sauya duk shekarar da ta fi maka daɗi ba. Kuma matsakaicin ma iri biyu ne. Da a ce ka sayar da buhu 60 kafin sabon kaya ya iso, mai sabunta matsakaici a kowane sari ba zai samu 65,000 ba.

Mai Man Gyaɗa: Ƙa'idar ofis ke nan. Wanda bai taɓa komawa sari kuɗinsa ya gaza ba, ya bar mu mu yi magana.

Hajiya Akanta: Ban musa maka ba, Alhaji, ai matsakaicin ma ba zai cece ka ba, rage kumburin kawai yake yi. Amma Yaya riba aka yi masa alkawari, sai an zauna da shi kafin a ce za a riƙe wani abu.

Auta: A kai wa Yaya ta yaron, a kai wa surukai ta manhaja 😂

Malam Habu: Wanne za a bi wajen zakka?

Sani Kwanar Dawaki: Ba ko ɗaya, Malam. Mu farashin kasuwa na ranar muke yi wa kaya. Ni abin da ya fi ci mini rai, dilan da za ka tura wa kuɗi ranar Litinin, Laraba ya ce farashi ya tashi, ka ciko ko a rage maka buhu. A wane farashi zan rubuta wannan?

Baban Ummi: Ni buhu bakwai aka zaftare mini haka, kuma kuɗina ya kwana tara a hannunsa.