Muhawara: ƙirgen tsofaffin takardun WAEC ya isa a bar wasu babukan lissafi?

Aminu (SS3): Salamu alaikum. Na zauna da takardun lissafi na WAEC na shekara 10, na ƙirga sau nawa kowane babi ya fito a tiyori. Akwai babuka huɗu da kowannensu bai wuce sau uku ba. Ni dai na yanke shawarar barin su gaba ɗaya, in zuba ƙarfina a kan masu fitowa kullum. Wanda yake ganin ba daidai ba ne ya kawo hujja.

Sadiq: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka yi daidai, haka muka yi a namu lokacin. Takarda ta biyu tambaya 13 ce. Sashe na farko guda biyar, dole ne, maki 40. Sashe na biyu guda takwas, ka zaɓi biyar, kowace maki 12. Ka ga kenan su kansu masu jarrabawar sun ba ka damar tsallake uku. Mu ɗauka kowane babi cikin huɗun nan yana da damar fitowa 3 cikin 10. Ba za ka shiga matsala ba sai duk huɗun sun fito a shekara guda, wato 0.3 × 0.3 × 0.3 × 0.3, wanda bai kai kashi 1 cikin 100 ba. To me za a ji wa tsoro?

Malam Habu: Sadiq, lissafinka ya tafi daidai, amma ka ɗora shi a kan takwas ɗin da ba lallai su zama takwas ba. Ka buɗe shafin farko na manhajar. An rubuta cewa a cikin tambayoyi takwas ɗin nan ana iya kawo har guda biyu daga sassan manhajar da ba lallai ƙasar ɗalibi take koyar da su ba, tunda takardar ta ƙasashe biyar ce: Najeriya, Ghana, Saliyo, Gambiya da Laberiya. Idan ta zo a haka, yaron da ke Kano yana iya samun kansa da tambaya shida a gabansa, ana son biyar. Damar tsallakewarsa ta koma ɗaya.

Yanzu mu maimaita lissafin naka. Damar a ce babu ko ɗaya cikin babukan huɗu da ya fito ita ce 0.7 × 0.7 × 0.7 × 0.7, kusan 0.24. Damar a ce ɗaya tak ya fito kusan 0.41. Abin da ya rage, kusan 0.35, shi ne biyu ko fiye su fito. A irin wannan shekarar Aminu zai zauna ne yana kallon takarda ba shi da tambaya ta biyar da zai amsa. Daga kashi 1 mun tashi zuwa kusan kashi 35 cikin 100, kuma abin da ke kan layi maki 12 ne ko fiye.

Sadiq: Allah ya gafarta Malam, ai "har guda biyu" aka ce, ba a ce kowace shekara sai an kawo biyu ba. Kuma wasu malaman lesin suna koyar da waɗannan sassan.

Malam Habu: Haka ne, shi ya sa na ce idan ta zo a haka. Gaskiyar tana tsakanin lambarka da tawa. Amma wanda zai zauna jarrabawa sau ɗaya bai san wace irin shekara zai tarar ba.

Hajiya Maman Hanifa: Ni dai ina roƙonku da Allah ku daina ɗora yara a kan wannan hanyar. Bara wani ya karɓi kuɗin 'yata ya ce yana da tambayoyin da za su fito, ranar jarrabawa ko ɗaya ba ta gani ba, ta dawo gida tana kuka. Malam, kai ma da kanka kana taya su lissafin abin da zai fito?

Malam Habu: Hajiya, Allah ya mayar da alheri. Amma wannan daban. Abin da aka yi wa 'yarki damfara ce da sunan satar amsa. Aminu kuwa takardun da aka riga aka yi shekarun baya ya ɗauko, waɗanda ake sayarwa a kowane shagon littattafai, yana neman gane inda aka fi zuba maki. Babu haramci a ciki. Muhawarar ita ce ko ƙirgen nasa yana faɗin abin da yake zato.

Zainab: Malam, ni abin da ya ba ni wahala da na gwada shi ne sanin ina zan sa tambaya. Ga misali: an ce jirgi ya tashi daga wani wuri ya yi kilomita 8 gabas, ya juya ya yi kilomita 6 arewa, a nemo nisansa da inda ya taso da kuma kusurwar da yake. Littafin da nake amfani da shi ya sa ta ƙarƙashin beyarin. Amma da na zo warwarewa, dokar Faitagoras ce ta ba ni kilomita 10, tirigonometiri kuma ya ba ni kusurwar. A jadawalina beyarin ya samu kara ɗaya, sauran biyun ba su samu komai ba.

Malam Habu: Zainab, kin taɓo inda ƙirgen ya fi cutar da yara. Babukan da suke tushe su ne suka fi ɓuya. Faitagoras da tirigonometiri suna cikin beyarin, suna cikin kusurwar ɗaga kai da ta sunkuyarwa, suna cikin neman tsayin dala da mazurari. Sauya jigon ƙa'ida yana cikin bariyeshin da awon fili. Ba kasafai suke zuwa da sunansu ba, sai jadawali ya nuna kamar ba su da muhimmanci. Yaro ya bar su, ya je babin da "ke fitowa kullum", ya kai layi na biyu ya tsaya cak.

Ga yadda za ki gane ko babi tushe ne. Ki ɗauki tambayoyi goma na sashe na biyu ki warware su, kina rubuta a gefe kowace dabara da kika yi amfani da ita, ba sunan da littafi ya ba tambayar ba. Duk dabarar da ta bayyana a tambayoyi uku ko huɗu masu suna daban-daban, ba ta cikin waɗanda ake bari, ko sau nawa aka ambaci sunanta.

Akwai kuma tambayoyin da ake haɗa babi biyu marasa alaƙa a lamba ɗaya, (a) daga nan, (b) daga can. Idan (a) daga babin da Aminu ya bari take, ta ɓata masa tambayar da ya iya rabinta. Lissafin da muka yi ɗazu da Sadiq bai ma kula da wannan ba.

Aminu (SS3): To Malam, kenan wahalar banza na yi?

Malam Habu: A'a. Gyara ƙirgen za ka yi. Ka raba jadawalin gida uku: zaɓi-ɗaya, sashe na farko, sashe na biyu. Takarda ta farko tambaya 50 ce kuma tana yawo a faɗin manhaja, babin da bai cika zuwa a tiyori ba zai iya zuwa maka a can da tambaya ɗaya ko biyu masu sauƙi. Sannan ka duba babukanka huɗu, waɗanda suka taɓa fitowa a sashe na farko ka cire su daga jerin bari, domin can babu zaɓi, kowace tambaya maki 8.

Bayan haka ka daina ƙirga fitowa kawai, ka ƙirga makin da kai kake asara. Misali kawai zan ba ka, ba lambobin gaske ba. A ce ƙididdiga tana fitowa kowace shekara da maki 12, kai kuma idan ka gwada kana cin 10. Duk karatun da za ka ƙara, maki 2 ne a gabanka. A ce beyarin yana fitowa shekara 6 cikin 10, kana cin 3 cikin 12. Asararka 9 ce, ka ninka da 0.6, ka samu 5.4. Jadawalinka na yanzu zai tura ka ƙididdiga saboda ita ce a sama, alhali makin da za ka ɗauka yana wurin beyarin.

Bashir: Ni nawa ra'ayin ya saɓa da na kowa. Babin da ya yi shekara uku bai fito ba shi za a fi karantawa, don lokacinsa ya yi. Masu saita tambaya zagaye suke yi.

Zainab: Yaya Bashir, idan zagaye suke yi da ƙididdiga ma ta huta wata shekarar. Kuma da wannan hujjar, babin da ya fito da yawa a karanta shi don yana fitowa, wanda bai fito ba a karanta shi don bai fito ba. Ina amfanin ƙirgen kenan?

Bashir: Ban ce kowane babi ba, masu zuwa jefi-jefi nake nufi. Mutane ne suke saitawa, suna kuma kallon ta bara. Ba ƙuri'a suke jefawa ba.

Malam Habu: A nan Bashir yana da ɗan gaskiya, kuma tana taɓa lissafina ma, tunda na ɗauka fitowar kowane babi ba ta da alaƙa da ta wani. Sai dai shekara 10 ba ta isa ta nuna zagaye ba. Ko bambancin babin da ya fito sau biyu da wanda ya fito sau huɗu, a ƙirge ƙarami irin wannan, ba abin dogaro ba ne. Abin da ƙirgen ke nunawa da tabbaci shi ne na sama sosai da na ƙasa sosai. Na tsakiya ka ɗauke su daidai wa daida.

Sadiq: Ni dai har yanzu ina kan bakana ta gefe ɗaya, Malam. Yaron da saura masa sati shida, kuma kiredit yake nema, C6 ta ishe shi, ba zai iya gama manhaja ba. Dole ya bar wani abu. Gara ya bari da ƙirge a hannu da ya bari da ka.

Malam Habu: Ban musa ba. Rigimata da kai a kan adadi ce. Ni na yarda da barin biyu, bayan an tabbatar ba tushe ba ne kuma ba sa zuwa a sashe na farko. Da biyu, damar su zo tare 0.3 × 0.3 ce, kashi 9 cikin 100.

Sadiq: Ni kuma na ce uku ba za su kashe shi ba, muddin sauran sun zauna masa sosai.

Aminu (SS3): Na gode. Na duba yanzu, ɗaya daga cikin huɗun ya taɓa zuwa a sashe na farko, na mayar da shi jerin karatu. Saura uku. Malam, in na turo sunayensu za ka duba mini wanne ne tushe a ciki?

Malam Habu: Turo, tare da makin da ka ci a kowanne da ka gwada shi ba tare da leƙa amsa ba.