Kalandar bango da biro masu launi: wa ya gwada kafin jarrabawa?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum. 'Yata tana aji shida na sakandare, saura mako goma ta zauna JAMB, WAEC kuma na biye. Na samo mata kalandar bango, ta sayi maka kala tara, kowane darasi da tasa. Kwana biyu ta kwashe tana fenti, bango ya yi kyau kamar ɗakin amarya. Yau kwana tara ke nan, ko kallonta ba ta yi. Da na tambaya sai ta ce ta rikice, ba ta san inda take ba. Waɗanda suka taɓa yi, ina kuskuren yake?

Sadiq Fagge:
Wa alaikumus salam Mama. Wallahi irin abin da na yi ke nan shekarar da na fara zama. Da ka tsaya daga bakin ƙofa, ruwan goro da ja da ruwan hoda duk abu ɗaya suke zama, balle da dare in an ɗauke wuta kana haskawa da fitilar waya. Kullum sai na koma gefe na duba wace kala ce Kimistiri. Ni dai cire ta na yi na koma rubuta jadawalin mako a bayan littafi.

Malama Binta:
Maman Ilham, shekaru na yi ina koyar da 'yan aji shida, kuma wannan kalanda mai kala tara na gan ta ba sau ɗaya ba. Launi bai kamata ya gaya mata sunan darasi ba, harafi biyu sun isa wannan aikin: Km Kimistiri, Fz Fiziks, By Bayoloji, Tr Turanci. Abin da launi zai nuna shi ne irin aikin ranar. Uku kawai: shuɗi sabon babi, kore bita, ja kuma tambayoyin shekarun baya da agogo a gabanta.

Kafin ta taɓa biro sai an yi lissafi. Mako goma kwana 70 ne. Ta bar kowace Juma'a fara fat, kada ta rubuta komai, saura 60. Mako biyun ƙarshe na ja ne zalla, kwana 12 ke nan sun fita, saura 48. In za ta ɗauki darasi biyu a rana, tana da gurbi 96, wato 24 ga kowane ɗaya cikin darussa huɗun JAMB. To sai ta buɗe manhaja ta ƙirga babin da ba ta iya ba. In Kimistiri saura babi 30, Bayoloji kuma 15, ai kin ga inda za a ɗebo gurbi a kai. Yawancin yara ba sa wannan ƙirgar, suna raba kwanaki daidai wa daida kamar rabon naman watanda, sai darasin da ya fi ba su wuya ya ƙare rabi da rabi.

Sai abin da ya fi muhimmanci a wurina. Duk ranar da ta gama babi mai shuɗi, a take ta ƙirga kwana uku gaba ta sa ɗigon kore da sunan babin, ta sake sa wani bayan mako biyu. Misali ta karanta daidaita ma'aunin sinadarai ranar Litinin, kore na farko Alhamis, na biyu Litinin ta sama da ta gaba. Bitar ba ta wuce minti ashirin, littafi a rufe, ta rubuta abin da ta tuna sannan ta buɗe ta duba. Da haka daga nesa ma ke kanki za ki gane lafiyar karatun: in mako ya cika da shuɗi babu kore, zuba ruwa take yi a kwando.

Abba Injiniya:
Ni a ganina waya ta fi. Ka sa ƙararrawa ta tashe ka ƙarfe huɗu, shi ke nan.

Sadiq Fagge:
Abba, ba tashi daga barci ake magana ba. Kuma wayar da za ka ɗauka don duba jadawali ita ce za ta cinye maka awa guda.

Zainab T.:
Malama, ban yarda da ke gaba ɗaya ba. Ina makarantar koyon aikin jinya, darussa huɗu nake da su wannan zangon, kuma launin darasi ya yi mini amfani. Da na kalli watan jiya na ga kalar ilimin magunguna sau uku kacal ta fito, ta sassan jiki sau goma sha ɗaya, nan na kama kaina ina gudun wanda nake tsoro. Da haruffa ne da ban lura ba.

Malama Binta:
Da huɗu zai yiwu, Zainab, ban musa ba. Amma bitar fa, ta yaya kike ganinta?

Zainab T.:
Ina zagaye ranar da baƙin biro. Gaskiya dai ina yawan mantawa.

Alaramma Ɗan Gwale:
Mu a hadda dama can haka muke, ko da babu kalanda: akwai ƙari, akwai tilawar na kusa, akwai muraja'ar na nesa. Da na mayar da shi bango ga ɗalibaina na Islamiyya, izu sittin ɗin na zana a kwali, kowane izu da gidansa. Wanda aka haddace ya zauna, kore. Wanda yake rawa, ja. Yaro ɗaya ya yi ta kawo mini izun da ba shi na ce ba, na ɗauka wasa ne, har na yi masa faɗa. Ashe ja da kore ba ya bambance su sosai, kuma an ce mini abin ya fi yawa a maza. Tun daga nan nake haɗa launi da siffa: kore da'ira, ja gicciye. Hajiya, ki gwada yarinyar tukuna, ko da yake a mata da wuya.

Maman Ilham:
Ikon Allah, wannan ban taɓa ji ba. Malama, to ranar da ta tsallake fa? Abin da ya karya ta ke nan. Mun je biki Zariya kwana biyu, da muka dawo komai ya goce, ga maka ba ta gogewa.

Malama Binta:
Amfanin Juma'ar da na ce a bari ke nan, Hajiya, nan ake biyan bashi. Kuma kada ta sa launi sai na mako biyu masu zuwa, sauran duk da fensir. Ranar da aka yi aikin ta ja layi baƙi a kan gidan, wadda ba a yi ba ta bar ta haka, kada ta goge don kunya. In bashi ya wuce abin da Juma'a ɗaya za ta ɗauka mako biyu a jere, ba lalaci ba ne, jadawalin ne ya fi ƙarfinta, sai a rage.

Wani abu kuma, kalandar kamfani gidajenta ƙanana ne, hoto ya cinye rabin shafi, kuma wata ɗaya kawai take nunawa. Ku juya bayanta fari, ko ku sayi kwali babba, ku ja layi da rula, makonni goman duka a fuska ɗaya, ranar jarrabawa a can ƙasa.

Sadiq Fagge:
Ku liƙa ta sama kaɗan. Tawa ƙanina ɗan shekara uku ya ƙarasa mata fenti.

Hassana:
Ni tambayata daban. Wanda karatunsa ya faɗo cikin azumi fa? Bara na cika gidajen la'asar da shuɗi, ko ɗaya ban ja wa layi ba. Bayan sahur ne kawai kaina ke ɗaukar sabon abu, amma in na zauna a lokacin sai na yi ta gyangyaɗi a aji.

Alaramma Ɗan Gwale:
Mu dai a Ramadan ƙari muke ragewa, tilawa ta yi yawa. Na boko kuma sai Malama.

Maman Ilham:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na aiki yayanta ya sayo kwali, yau da dare za mu zauna mu ƙirga babin Kimistiri. Sai dai ta ce ita ruwan hodar nan ba za ta bar ta ba, ko da ranar haihuwarta ce za ta sa mata.