Mai abincin bikin ƙanwata ta aiko takardar cikon kuɗi, ga shi ana maganar ɗage biki

Maman Ilham:
Salamu alaikum jama'a, shawararku nake nema. Saura kwana 20 dinar ƙanwata a nan Kano, kuma ni ke riƙe da hidimar abinci. Mun yi ciniki da wata mai girki, mutum 300 a kan dubu 6 kowane faranti, miliyan 1 da dubu 800 ke nan. Wata biyu da suka wuce na tura mata dubu 720 kafin alƙalami. Jiya ta aiko takarda ta WhatsApp: a cika sauran miliyan 1 da dubu 80 ana saura kwana 14, in ba a cika ba za ta ba wa wani ranar, kuma kafin alƙalami ba ya dawowa. In aka fasa tsakanin saura kwana 14 da saura kwana 8 za ta riƙe rabin kuɗin gaba ɗaya, daga saura kwana 7 kuwa ko sisi ba za ta mayar ba. Ta ce ɗage rana ma fasawa ne. Ba mu yi wannan maganar ba lokacin ciniki. Mahaifin ango yana kwance a asibiti, danginsu sun fara zancen ɗagewa amma ba su yanke ba. In biya ko in dakata?

Anti Rabi Gwammaja:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya. Ni dai ƙanwata kada ki ƙara mata ko kwabo. A ina aka taɓa biyan mai girki kuɗinta duka tun ba a ɗora tukunya ba? Rabi kafin aiki, rabi bayan an ci an sha, haka muka saba. Da zarar kuɗi sun shiga hannunsu gaba ɗaya ke za ki koma mai lallashi.

Hajiya Uwani mai girkin biki:
Rabi, ai ke ma kin san wannan zamanin ya wuce, kuma mu masu sana'ar ba son zuciya ne ya sa muka daina ba. Na sha raba abinci a dina, amarya ta tafi gidan miji, in yi wata uku ina zarya gidan iyayenta kan ciko, ga mai kaji yana bin ni bashi, ga yaran da suka yi rabo suna jiran sallama. Shi ya sa yanzu ba na kunna wuta sai an cika. Kuma in na ba ki Asabar ɗin nan, duk wanda ya kira bayanki na ce masa babu wuri. Wannan ranar ita ake biya da kafin alƙalami.

Amma Maman Ilham, ki natsu mu yi lissafi da takardar tata, don akwai abin da ba ki lura da shi ba. In kika fasa yau, dubu 720 ce ta tafi. In kika kai saura kwana 8 sannan kika fasa, rabin kuɗi za ta riƙe, wato dubu 900. Tazarar da ke tsakani dubu 180 ce kawai. Babbar asarar tana farawa ne daga saura kwana 7, inda miliyan 1 da dubu 800 za su tafi baki ɗaya. Kin ga ranar da za ki sa wa ido ita ce saura kwana 8, wato kina da kwana 12 daga yau, ba kwana 6 ba kamar yadda kike zato.

To ga abin da zan yi da ni ce. Ki je wurinta da ƙafarki, ban da waya, ki tafi da wata babba daga gidanku. Ki faɗa mata gaskiyar rashin lafiyar nan tun yanzu. Ki ce ranar da ta sa za ki ba ta dubu 180, kuɗin hannunta su cika dubu 900, sauran dubu 900 kuma ana saura kwana 8 in an tabbatar biki na nan. Ba ta yi asarar komai ba, domin abin da takardarta ta ce za ta riƙe a wannan tsakanin shi ne ya shiga hannunta. Ke kuma kin huta da bin ta ta dawo miki da kuɗi, wanda shi ne abu mai wuya, don kuɗin da ya shiga hannun mai sana'a washegari ya zama kaya.

Kuma kina da hujja, saboda na san yadda ake kashe kuɗin. Ana saura mako biyu abin da ake saya a kasuwar Singa shi ne wanda ba ya lalacewa: shinkafa kamar buhu ɗaya da rabi na mutum 300, jarkar mai, kayan ƙamshi, robobin zuba abinci, lemo da ruwa. Waɗannan kafin alƙalaminki ya ishe su. Kaji, in kwata-kwata za a sa, guda 75 ne, ana ba mai gona wani abu tun da sauran mako, amma yanka sai ana jibi. Tumatir, attaruhu, tattasai, kabeji da karas sai ana jibi ko ana gobe ake shiga 'Yankaba. Masu aiki ranar ake sallamarsu. In an ɗage ana saura kwana 10 babu abin da ya ruɓe, shinkafar da man suna nan a sito.

Baban Sadik:
Hattara dai. Bara haka aka yi min a bikin 'yata, na biya kuɗin ɗakin taro duka tun da sauran wata guda, ana saura kwana 4 aka kira ni wai an yi kuskure an ba wa mutum biyu rana ɗaya. Kuɗina sai da suka yi wata biyu kafin su dawo, a kashi uku, mu kuma muka kafa rumfa a ƙofar gida. Ki tabbatar kin ga littafin da suke rubuta ranaku da idonki.

Maman Ilham:
Baban Sadik na gode, amma tamu mai girki ce, wurin taro dangin ango ne suka kama.

Barista Nafisa:
Baban Sadik ya karkace kaɗan amma ya taɓo abin da takardar ta rasa. Duk sharuɗɗan da kika lissafa a kanki suke. Ba ta ce komai ba kan in ita ce ta gaza, ko abinci bai kai faranti 300 ba, ko ya iso bayan an watse. Wannan ma ki nemi a rubuta.

Abu biyu ta fuskar doka. Ciniki ya ƙullu tun ranar da kuka amince kan farashi kika tura kuɗi, kuma ɓangare ɗaya ba ya ƙara sharaɗi daga baya shi kaɗai sai ɗayan ya yarda. Sai dai yarda ba sa hannu kawai ba ce. In kika karɓi takardar kika yi shiru, sannan kika tura ciko, za ta iya cewa kin amince da ita. Saboda haka kafin ki tura ko naira ɗaya, ki rubuta mata amsa a inda ta aiko, ki ce kin ga takarda, ba ki amince da cewa ɗagewa fasawa ba ne, kuna neman zama. Ki koma kuma ki karanta hirarku ta farko, har da saƙonnin murya, da rasit in ta ba ki. Sau da yawa ana samun layi ɗaya a ƙasan rasit cewa kafin alƙalami ba ya dawowa, mutum bai kula ba. In yana nan, maganar ta ɗan sauya.

Na biyu, dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta 2018, a sashe na 120, ta ba mai saye 'yancin fasa abin da ya yi oda ko ya kama tun da wuri, ta kuma ba mai sayarwa damar cire kuɗin fasawa daidai gwargwado. Ba ta yanka adadi ba, shi ya sa ake duba asarar da aka jawo mata da gaske: me ta riga ta saya, kwana nawa aka ba ta, za ta iya samun wani aiki a ranar? Riƙe kuɗi duka ana saura kwana 7, kaji suna raye a gona, zai yi mata wuyar karewa. Amma ban ce ki nufi kotu ba, ke abinci kike so ranar bikin ƙanwarki.

Malam Habibu:
Akwai kuma ɓangaren shari'a da ban ji an ambata ba. Wannan kafin alƙalamin da ba ya dawowa shi ne malamai ke kira urbun. Imam Malik ya kawo hadisin hani a kansa a farkon littafin ciniki na Muwaɗɗa, kuma a mazhabarmu ba ya halatta a riƙe shi in cinikin bai tabbata ba. Ki tuna mata da wannan cikin ladabi.

Barista Nafisa:
Allah gafarta Malam, ai akwai saɓani. Imam Ahmad ya halatta, kuma majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta halatta shi a zamanta na Burunai a 1993, in an ƙayyade lokacin jira.

Malam Habibu:
Haka ne, ban musa ba. Amma ko masu halattawar kan kafin alƙalami suka yi magana, ba kan cinye kuɗin aiki duka ba a yi aikin ba. Ni dai zuciyata ba ta kwanta da wannan sharaɗin na kwana 7 ba.

Hajiya Uwani mai girkin biki:
Malam, in aka fasa min ana gobe, kaji 75 a yanke, miya a kan wuta, wa zai ɗauki asarar? Ni a wurina daga saura kwana 2 ba na mayar da komai, sai dai in ce a zo a kwashi abincin a yi sadaka. Kwana 7 ne na yarda ya yi tsauri.

Maman Ilham, maganar ɗagewa kuma ita ce za ki fi dagewa a kai. Ki nemi ta rubuta cewa in aka sanar da ita kafin saura kwana 8, kuɗinki za su koma sabuwar rana cikin wata uku, a ranar da ba ta da aiki. Ke ma ki ba da wani abu: in kaji ko mai suka tashi kafin lokacin, ku za ku cika bambancin, in ta ba mai kaji wani abu ya ƙi mayarwa a cire a naku. In kika shigo da wannan da kanki za ta san ba cutarta kika zo yi ba. A sa a rubuce, ku biyu ku sa hannu, shaida ɗaya daga kowane ɓangare, kowa ya ɗauki hoto.

Anti Rabi Gwammaja:
To na ji lissafin Hajiya. Amma ni har yanzu da za a bar ko dubu 100 sai an ga faranti 300 a ido, da ya fi. Kuma Maman Ilham ki sa Baba ya tuntuɓi waliyyin ango, su san akwai ranar da kuɗi ke ƙonewa.

Maman Ilham:
Allah ya saka da alheri. Na duba hirarmu, na tarar ta taɓa cewa cikin saƙon murya "ciko kafin biki ne", amma ba ta faɗi kwanaki ba, ba ta ambaci fasawa ba. Na rubuta mata kamar yadda Barista ta ce, ta amsa cewa in zo gobe bayan la'asar, zan tafi da Gwaggo. Abin da ya rage min shi ne gidan ango. Baba ya ce yana jin nauyin yi musu zancen kuɗin abinci mutum yana kwance, ni kuma ban san wa zan aika ba.