Neman shawara: gabatar da baƙuwa mai jawabi ba tare da takarda ba

Mai tambaya: Assalamu alaikum. An ba ni gabatar da baƙuwa mai jawabi a bikin raba kyaututtuka na makarantarmu ranar Asabar, minti biyu, kuma ba a so a riƙe takarda. Likita ce, tsohuwar ɗalibarmu. Na haddace rubutun, amma da kalma ɗaya ta kuɓuce sai komai ya tsaya. Yaya zan yi?

Malamin koyar da muhawara: Wa alaikumus salam, Malama. Ajiye haddar kalma da kalma. Minti biyu bai wuce kalma 250 ba, kuma abin da ke ciki bai fi magana shida ba. Fitar da su, kowace da kalma ɗaya ko biyu: gaisuwa, dalilin taro, zamanta a makarantar, karatun likitanci, aikinta, sunanta.

Sai ki ɗauki gidan da kika fi sani, wanda ko an ɗauke wuta ba za ki yi tuntuɓe a cikinsa ba, ki ajiye kowace magana a wuri guda bisa yadda ake shiga. A ƙofar gida manyan baƙi ne tsaye cikin manyan riguna, wato gaisuwa. A zaure kyaututtuka ne jibge har sun tare hanya. A tsakar gida ga ƙaramar yarinya cikin kayan makarantarku tana shara, ita ce baƙuwar tana ɗaliba. A bakin rijiya kin jawo guga sai ga littattafan likitanci a jiƙe. A madafa tana sanye da farar rigar asibiti tana duba jariri. A ƙofar ɗaki kin ɗaga labule, ta fito, kin faɗi sunanta. Hoton da ya saɓa wa al'ada ya fi zama a kai, shi ya sa na sa littafi a guga maimakon kan tebur.

Idan kin tsaya gaban jama'a, tafiyar kawai za ki yi a zuci. Abin da kika tarar a wuri, ki yi jimla biyu ko uku a kansa da kalmomin da suka zo bakinki, ki wuce gaba. Masu jawabi a tsohuwar Rum, irin su Cicero, da wannan hanya suke riƙe jawaban da suka fi naki tsawo nesa.

Wani ɗan'uwa: Ni a ganina tilawa ce maganin. A maimaita sau arba'in da asuba, zai zauna daram.

Malamin koyar da muhawara: Maimaici gaskiya ne, Malam, amma a duba abin da ake maimaitawa. A hadda kowace kalma ce ke jawo ta gaba, shi ya sa idan ɗaya ta faɗi sauran ke bin ta. Nassi dole a kawo shi yadda yake, gabatarwa kuwa ba haka ba. Kuma a rarraba: yau da dare, gobe da safe bayan an yi barci, sai jibi. Ya fi arba'in a zama ɗaya.

Mai gabatar da shiri a rediyo: 'Yar'uwa, wurare uku ake samun matsala. Wasu su cusa magana uku a zaure ɗaya, sai ɗaya ta ɓace. Idan wuri ya cika, ƙara wani. Wasu su zaɓi ɗakuna biyu masu kama da juna, sai hotunan su cakuɗe. Mafi yawa kuma sukan yi tafiyar a zuci kawai, ba su taɓa buɗe baki ba, ranar taro hoto ya zo, jimla ta ƙi. Ki yi a tsaye, da murya, da agogo.

Gwajin da zai nuna miki ta zauna: ki faɗi wuraren daga ɗaki ki dawo ƙofar gida, sannan ki sa wani ya ce miki “rijiya” ki ci gaba daga nan. Inda kika yi jim, hoton wurin ne ba shi da ƙarfi, ki canza shi.

Amma jimlar farko da ta ƙarshe ki haddace su kalma da kalma. Kuma jerin manyan baƙi da muƙamansu ni ban yarda a bar wa hoto ba. A kira hakimi bayan wanda bai kai shi ba, ko a tsallake sarautar wani, abin magana ne. Ɗan kati a tafin hannu ba laifi.

Wata uwa: Ki sha ruwa kafin ki hau, kada ki kalli idon mutane. Tsoro ne ke kawo mantuwa, 'yata.

Malamin koyar da muhawara: Hajiya, ruwan zai taimaka, sai dai ko ita kaɗai a ɗaki rubutun na tsinke mata. Batun kati kuwa ban bi ba. An ce ba takarda. Ta jera baƙin a ƙofar gida daga dama zuwa hagu bisa girmansu, in sun wuce huɗu ta rufe da “da sauran manyan baƙi”.

Mai gabatar da shiri a rediyo: Jerin kan canza da safiyar taro, Malam, wani ya turo wakili. Malama, ki tambayi shugabar makaranta ko mai sanarwa zai riga ki gaishe su. In haka ne, gaisuwarki jimla ɗaya ce.