Satin ƙarshe kafin walimar kammala karatu a Abuja

Shawarar da ta fi yawa kan ɗakin taro ce: a je da ƙafa tun saura kwana 7, a tabbatar kuɗin haya ya haɗa da man janareta, a kuma rubuta ƙarfe nawa za a rufe. Nan ake yawan rikici, wuta ta ɗauke ana tsakiyar jawabi, mai gida ya ce mai ba ya cikin ciniki.

Abinci kuwa, a ba mai girki adadin ƙarshe saura kwana 3. In an gayyaci mutum 100, a yi na 120, don ɗan gayyata ba ya zuwa shi kaɗai.

Teburan gaba na iyaye da malamai, a kuma ware wurin salla. Kowane ɓangare a ɗora wa mutum ɗaya mai waya a kunne, ban da mai walimar, shi ranar ba ya jin kira.