Yaushe Kan Ayaba Ya Isa Sara?

Da wasu manoma suka tattauna yadda ake gane kan ayaba ya isa sara, yawancinsu sun ce a duba 'ya'yan da ke tsakiyar kan ayabar, domin na sama kan riga cika, na ƙasa kuma su yi baya. Ɗanyar ayaba tana da gefuna masu kaifi. Tana ƙara ƙosawa, gefunan na shafewa, jikinta na yin mulmul.

Wani ya ce in kasuwa na da nisa, a sare tun gefunan na ɗan bayyana. In ta gida ce, a jira su kusa ɓacewa, amma kada a wuce haka, don ɓawon yakan tsage. Agada kuwa ba ta rabuwa da gefunanta gaba ɗaya, sai a dubi kaurinta. Ni ma na taɓa jiran agada ta yi mulmul, har ta fara nuna a bishiya, tsuntsaye suka riga ni.